Alƙasum Kuku da Gato Mai Ɗanyen Ciki

Lokacin da aka turo ni aiki Tawa daga Damagaram, a shekarar 1991, gidan hayar da na samu katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan wani dattijo, Alƙasum. Ni malamar jinya ce, sunana Rahama, kuma a lokacin ban san kowa a garin ba. Ƙamshi ne ya fara haɗa mu. Kullum da hantsi sai ƙamshin gato, wato kek, ya tsallako katanga ya same ni ina wanki, har ran nan na kasa haƙuri na yi sallama.

Alƙasum mutumin Barmu ne, dogo, siriri, da furfura a gemu. Tun yana saurayi ya bi sawun 'yan Adar zuwa Abijan. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin wankin kwanoni a wani gidan burodi, inda a hankali aka bar shi ya taɓa fulawa. Shekara goma sha huɗu ya yi can. Da ya dawo gida sai ya zama kukun wasu Turawa masu aikin rijiyoyi a arewacin Adar. Da hanyoyin arewa suka fara rikicewa, Turawan suka tattara suka tafi, suka bar masa fur ɗinsu, wato murhun gashi na gaz, da ma'auni, da kwanon gashi guda mai faɗin taƙi ɗaya.

Ban taɓa ganin mutum mai ƙyanƙyami irinsa ba, ni da nake aiki a inda ake wanke ciwo. Ba ya fasa ƙwai kai tsaye cikin haɗi. Sai ya fasa shi a kofi, ya duba, ya shinshina. In ƙuda ya sauka a bakin kwano, sai an sake wanke kwanon. Matarsa Inna Azumi takan ce shekara talatin suna tare, amma har yau in ta miƙa masa cokali sai ya ɗaga shi ya duba a rana.

Gatonsa iri ɗaya ne. Ƙwai huɗu, sai fulawa da sukari da margarin, kowanne daidai nauyin ƙwan, da ɗan lebir, garin nan da ke sa gato tashi. In ya zuba a kwanonsa, haɗin yakan kai zurfin yatsa biyu. Maɓallin fur ɗin yana da lambobi, shi kuwa a shida yake ajiye shi, wato digiri ɗari da tamanin. Minti arba'in sai ya soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe to an gama. Ma'aikata ne masu saye, ranar suna ko ranar da yaro ya ci jarrabawa.

A farkon 1994 darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi. Cikin 'yan makonni fulawa da margarin suka yi tashin gwauron zabo, gato guda ya fi ƙarfin malamin lakkwal, wato makarantar boko. Alƙasum ya yi wata guda bai kunna fur ba. Inna Azumi ce ta kawo shawara, ta ce tunda mutane ba su iya sayen babba, a yi masu ƙanana. Ta bi maƙwabta ta tara gwangwanayen tumatir, shi kuma ya tafasa su sau biyu, ya goge bakinsu da dutse, yana yi yana yamutsa fuska.

Gashin farko bai yi ba. Ya rage lokaci zuwa minti talatin, yana ganin ya rage da yawa. Da ya buɗe fur, sai ga su sun ƙanƙance, sun bushe, gindinsu ya yi duhu. Na ɗauki ɗaya na gutsura, sai da na nemi ruwa.

"Tofar, ɗiyata," in ji shi. "Wanga ba abinci ba na. Ko akuya ban ba."

"Baba, ai ana ci."

"Ana cin ƙanzo ma. Laihina na. Ɗan abin ga, wuta na isa cikinai nan da nan, ni kuwa na bar shi kamar babba."

Washegari ya bar wuta a shida, ya cika gwangwanayen zuwa rabi da ɗan ɗori, ya tsaya da agogo a hannu. A minti goma sha biyar tsinke ya fito da ɗan danshi, a sha takwas ya fito fes. Daga ranar sha takwas ta zauna. Inna Azumi ke kai su bakin tasha cikin faranti mai murfi, da su suka riƙe gida.

A nan ne ya koya mani abin da har yau ban manta ba. Ya ce mutane faɗin kwano suke kallo, shi kuwa zurfin haɗi yake kallo. In ka ɗauki haɗin ƙwai huɗu ka zuba a faffaɗan tire, zai yi lebur, ya gasu da wuri, sai ka rage lokaci. In haɗi ya yi zurfi, zafi sai ya ratso daga baki da sama da ƙasa kafin ya kai tsakiya, don haka sai ka rage wuta ka ƙara lokaci, in ba haka ba waje ya ƙone ciki bai ji komai ba.

Abin da ya faru da shi a watan Afrilun shekara ta gaba, ni ce sanadi, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Akwai wata Hajiya Salamatu da nake zuwa yi wa awon jini a gida. Mijinta ɗan kasuwa ne da ya shiga siyasa lokacin da jam'iyyu suka yi yawa, sai ga shi an ba shi shugabancin wani ofishi. Hajiya ta shirya walima. Ta ga hoton wani gato a wata mujalla, dogo kamar turmi, ta ce irinsa take so. Ni kuwa da baki, na ce ai maƙwabcina ya yi Abijan.

Ta ce a gidanta za a gasa, don ta sayo sabon fur babba, ga kuma kwano da ta sa maƙera suka zubo mata na sanholo. Ranar walimar na raka Alƙasum da ƙarfe goma na safe. Aka fito da kwanon. Ya ɗora hannu ya auna, taƙi biyu cif. Ya leƙa ciki, ya goga yatsa, ya dubi yatsan, ya nemi toka da soso. Sai da ya wanke shi sau uku.

"Kuku, ƙwai takwas sun isa ko?" in ji Hajiya. "An ce naka huɗu yake ci, wannan kuwa biyunsa ne."

"Hajiya, biyu na ga ido. In hwaɗi ya ninka, ciki huɗu yaka zama. Sha shida kenan, in kina son kaurinai kamar nawa, kuma wannan cikin awa guda na gama maki shi."

"A'a. Dogo nake so. Ya kai bakin kwano."

"To ninka kuma. Talatin da biyu. Kuma wuta sai ta sauko biyar, ya yi awa biyu ko fi, sannan ya huce wasu awa biyu."

Ya kawo mata hanyoyi. Ya ce a gasa lebur biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya, in an shafe babu mai ganewa. Ta ce ita ba ta son abin da aka liƙa. Ya ce to a kafa gwangwani wanda babu komai ciki a tsakiyar haɗin, don zafi ya shiga ta nan. Ta ce gato mai rami kamar masai ba zai hau teburinta ba. Alƙasum ya kawar da kai da jin wannan kalma kusa da abinci.

Ƙwai bai iso ba sai bayan sha biyu, a bayan mota, cikin zafin Afrilu. Alƙasum ya sa aka kawo bokitin ruwa yana sakawa ɗaya ɗaya. Wanda ya nutse ya ajiye, wanda ya taso ya ware. Goma sha ɗaya suka taso. Wata daga cikin matan da ke aikin girki ta ce ɓarna ce, ta ɗauki ɗaya ta fasa don ta nuna masa. Wani ruwa kore ya zubo mata a hannu, wari ya cika madafar har sai da muka fita tsakar gida. Alƙasum ya je gindin bishiyar bedi ya daɗe yana tofar da yawu. Aka aika kasuwa aka cike.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka saka haɗin. Da ƙyar kwanon ya shiga, saura kaɗan ya taɓa bangon fur ɗin. Alƙasum ya ce wannan ma wani dalili ne na tafiya a hankali, tunda zafi ba shi da wurin zagayawa. Ya sa maɓalli a biyar, ya rufe, ya ce kada wanda ya buɗe.

"Yaushe zai fito?" in ji Hajiya.

"Huɗu saura kwata, in Allah ya so. A yanka shi gab da magariba."

"Manyan baƙi ƙarfe huɗu za su zo, kuma ba za su daɗe ba."

"Su ci nama, Hajiya. Gato ya same su ko ya bi su gida."

Da aka kira azahar ya tafi masallacin unguwa. Ni ina can wajen mata muna yankan albasa. Sai ga Sadiƙu, ƙanen Hajiya, wanda shi ke kula da kujeru da lasifika, mutum mai kusan shekara arba'in da ke son a san ya yi karatu. Na ji muryarsa daga madafa.

"Yaya, lissafi ne mai sauƙi. In biyar na buƙatar awa biyu, a ƙara wuta lokaci ya ragu. Tsohon nan bai yi lakkwal ba, tsoron fur yake ji."

Na taso na ce, "Hajiya, Baba fa ya ce kada a taɓa."

Ta ce, "Malama, ke da allura aka san ki."

Sadiƙu ya murɗa maɓalli zuwa takwas. Bai tsaya nan ba, duk bayan minti biyar sai ya buɗe ya leƙa, ya ce ga shi yana tashi. Yana kuwa tashi, ya yi tozo a tsakiya, ya yi ja, ya tsage. Na tsaya bakin ƙofar gida ina duban hanya. Wani tsohon abokinsa ne ya tsare Alƙasum da gaisuwar rasuwa, bai dawo ba sai biyu da rabi ta gota. Tun daga zaure ya tsaya cak, ya ɗaga hanci.

"Wa ya taɓa wuta?"

Ya shiga ya kashe gaz, ya naɗe hannu da tsumma ya jawo kwanon. Saman ya yi baƙi ƙirin, gefen ya zama gawayi. Ya ɗan girgiza kwanon, sai tozon ya yi rawa kamar tumbin rago. Ya soka doguwar wuƙa a tsakiya, ta fito da kunu rawaya yana ɗiga.

"Mai da shi ciki mana ya ƙarasa," in ji Sadiƙu.

"Kamin cikin ga ya nuna, waje ya zama toka. Kun buɗe shi kun rufe har iskar da ke ɗauke da shi ta hita. Wanga ya mutu."

Duk da haka ya nemi ceto abin da zai cetu. Ya ce a yanke saman a zubar, a ƙwaƙule ɗanyen tsakiyar yanzu yanzu a zuba a ƙananan gwangwanaye, wuta shida, minti ashirin, ba za su tashi sosai ba amma za su ciwu. Zoben da ya nuna tsakanin ƙuna da ɗanye a yayyanka shi a faranti. Kowa zai samu, babu wanda zai cutu.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Gwangwanin tumatir? A gaban baƙina? Ka kankare baƙin, ka shafe shi da farin sukari. Wa zai leƙa ciki?"

"Hajiya, ɗanyen ƙwai na, cikin zahin ga, a rufe shi da ɗuminai har la'asar. Ban sa hannuna."

"Ai don haka aka kira ka."

"An kira ni in gasa. Ba a kira ni in yi wa gawa kwalliya ba."

Ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗauki ma'auninsa ya fita. Na so in bi shi, Hajiya ta riƙe mani mayafi ta ce kada in ba ta kunya. Na zauna, kuma har yau ina jin haushin kaina.

A gabana aka yi aikin. Ba su iya juye shi daga kwanon ba, sai suka bar shi ciki suka naɗe kwanon da farin yadi. Suka kankare saman da wuƙa, baƙin gari na zuba. Suka kwaɓa margarin da sukari suka shafa, abin yana narkewa don zafi, suna ƙarawa. Inda tsagar take tsatsafo da ruwa suka toshe da dabino. Sadiƙu ya zana sunan maigidan a kai da jan alawa. Aka ɗora a tebur ƙarƙashin rumfa, wata mata ta tsaya da mafici tana korar ƙudaje, suna tashi suna dawowa.

Baƙin da aka ce ƙarfe huɗu, sai biyar da rabi suka iso. Da an bar wutar Alƙasum, da ya fito ya kusa hucewa. Aka yi jawabai, maroƙi ya yi ta zuba kirari. Sannan aka miƙa wa maigidan wuƙa. Yana dannawa tsakiyar ta rufta, wani abu mai kauri ya bulbulo, rawaya da toka toka, ya malale kan jan rubutun. Ni da ke kusa na ji tsami tsami yana tashi.

Hajiya ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce, "Irin na Abijan ne. Mai kirim a ciki. Kukun can ya koyo."

Wani mai babbar riga, wanda kowa ya san yana neman a ba shi kwangila, ya sa cokali ya ɗebo ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa ya yi gardama kafin ya haɗiye. Ya ce, "Kai! Ban taɓa cin irin wannan ba." Shi kenan, aka yi layi. Ana ɗiba da cokali, ana lashe yatsa, ana yabo. Wata mata kusa da ni ta tofa nata cikin gefen zane a ɓoye, sannan ta ɗaga murya ta ce Hajiya ta iya zaɓe. Na zagaya bayan gida, abin da na ci tun safe ya dawo.

Kwana biyu da suka biyo baya, mutum tara daga cikin waɗanda na gani a rumfar suka zo wurin aikina riƙe da ciki. Ina tambayarsu me suka ci. Wannan ya ce ruwan rijiya ne, wancan ya ce zafi ne, mai babbar riga ya ce mangwaro. Ko ɗaya bai ambaci gato ba, alhali sun san ina wurin. Na ba su ruwan gishiri da sukari, duk suka warke.

Na yi zaton sunan Alƙasum ya ɓaci. Ashe abin da ya fi haka ne ke tafe. Ba a yi mako ba, ina zaune da Inna Azumi, wata mota ta tsaya, matar wani babban ma'aikaci ta shigo. Ta ce za ta yi suna, tana son gato irin na Hajiya Salamatu, mai kirim a ciki.

Alƙasum ya ajiye gwangwanin da yake shafa wa mai. "Kin ci shi?"

"Na ci, Baba."

"Ya yi maki daɗi? Tsakaninki da Allah."

Ta dubi ƙasa, ta gyara ɗankwali. "Ai shi ake yayi yanzu."

"Ɗanyen ƙullu na kika sha, ɗiyata. In shi kika so, ba ki buƙata ta. Kwaɓa ki ba baƙinki da ludayi, kin huta da sayen gaz."

Ta fita a fusace. Bayanta wasu uku suka zo, duk haka suka koma. Inna Azumi ta yi masa magana, ta ce gidan nan ba shi da hatsin wata guda, ga abinci na zuwa har ƙofa yana kora. Ya ce zai yi masu babban gato kowane iri, in za su ba shi awowinsa, zai ma dafa masu kirim na gaskiya da madara ya zuba a tsakani. Ɗaya ce kawai ta yarda. Ya gasa mata lebur biyu, ya haɗa su da kirim dafaffe, ya fito kyakkyawa. Aka ce a wurin sunan wasu sun yi gunaguni, wai bai kai na Hajiya laushi ba.

Da na kawo masa wannan labari, sai ya ce, "Na wanke kwanon kahirai da na musulmi shekara da shekaru, ban taɓa jin ƙazanta ta kama ni kamar yanzu ba."

Daga nan bai ƙara karɓar aikin manya ba. Ya tsaya kan na tasha, inda direba in abu bai yi masa ba zai faɗa maka a fuska. Yayin gato mai kirim bai wuce damina ɗaya ba, mijin Hajiya ma an sauke shi da gwamnati ta sauya a farkon shekara ta gaba.

A 1998 idanun Alƙasum suka fara yin hazo. Ya ce mutumin da ba ya ganin abin da ya faɗa cikin kwano bai kamata ya ciyar da jama'a ba. Ya sayar da fur ɗin ga wata malamar lakkwal, bayan ya sa ta zo gidansa kwana goma tana gashi a gabansa, sannan suka koma Barmu shi da Inna Azumi, wurin ɗan'uwansa. Na kai masu ziyara sau ɗaya kafin a mai da ni Damagaram. Na same shi a inuwar rumbu yana ɓarar wake da lalube. Ya tambaye ni labarin gari, na ba shi. Ya sa aka kama mani zabuwa, ya raka ni har inda motar kasuwa ke tsayawa, yana riƙe da sanda, yana yi mani faɗa wai na rame.